Riba ta nuna a teburina, amma iyawa ce ko sa'a?

*"Barka da aiki. Wata uku ke nan ina rubuta duk cacar ƙwallon da na buga a Excel: wasan, kuɗin da na zuba, da ko na ci ko na faɗi. Lissafina ya nuna ina da 'yar riba, amma kuɗin da ke asusuna bai kai abin da teburin ya nuna ba. Wani kuma ya ce min in ba na rubuta farashin rufewa, aikin banza nake yi. Me ya kamata in riƙa rubutawa, kuma ta yaya zan gane halayena daga ciki?"*

Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka zancen farashin rufewa, wato farashin ƙarshe da caca ta tsaya a kai kafin a take wasa, ya ɗan zafafa, domin aikinka ba na banza ba ne, amma yana da gaskiya a kan babban abin. A cikin duk lambobin da ke teburinka, ribar nan da kake dubawa kullum ita ce ta fi kowacce jinkirin faɗin gaskiya. Na yi shekaru ina ajiye irin wannan tebur, na kuma duba na wasu da suka roƙe ni, kuma kusan duk kuskuren da na gani daga wuri ɗaya ya taso: mutum ya ɗauki sakamakon wata uku ya yanke wa kansa hukunci da shi.

Ga dalilin. Ka ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suka yi kunnen doki, kowanne yana da rabin damar faruwa, kamfanin caca kuma ya sa wa kowanne farashi 1.91. Farashi a nan ina nufin lambar nan da ake ninka kuɗinka da ita in ka ci, wadda 'yan caca ke kira od. A kan 1.91, sai ka ci kashi 52.4 cikin ɗari na wasanninka kafin ka mayar da uwar kuɗi kawai. Wanda yake zaɓe da ka, ba ilimi ba nazari, zai riƙa cin rabi, wato a kan dogon zango yana asarar kashi 4.5 cikin ɗari na duk abin da ya zuba. To amma in ka tara irin waɗannan mutane, kowanne ya buga sau 100, kusan uku cikin goma za su tashi da riba. Ko bayan sau 1,000, kusan bakwai cikin ɗari suna nan a kan riba. Babu ɗayansu da ya iya komai, amma teburinsu zai nuna musu kore. Saboda haka riba bayan wata uku ba ta raba gwani da mai sa'a, kuma asara bayan wata uku ita ma ba ta raba su.

Abin da za ka rubuta, da lokacin rubuta shi

Kowace caca layi ɗaya. Ni ga yadda nake jera ginshiƙaina daga hagu zuwa dama: A rana da lokacin da na buga, B wasan, C nau'in cacar, D abin da na zaɓa, E kuɗin da na zuba, F farashin da na samu, G farashin rufewa, H jimillar kasuwa wadda zan yi bayaninta nan gaba, I sakamako, J riba, K tazarar da ke tsakanin farashina da na rufewa, L dalili, sai M sakamakon ƙarshe da na sani kafin in buga. Sun yi kama da yawa, amma J da K fomula ce ke cike su, sauran kuma minti ɗaya ya isa.

Lokacin rubutawa ya fi yawan ginshiƙan muhimmanci. A zuwa F, da L da M, ana cike su ne a daidai lokacin da aka buga, tun ba a take wasa ba. In ka bari sai dare ko ƙarshen mako, zuciya za ta tace maka. Za ka tuna wanda ka ci da dukkan bayanansa, wanda ka buga cikin fushi ƙarfe ɗaya na dare kuwa sai ya ɓace, ko ka ce ai wannan ba ya cikin lissafi. Ina kyautata zaton a nan giɓin da ke tsakanin teburinka da asusunka yake. Ka buɗe shafi na biyu, ka rubuta duk kuɗin da ka taɓa sakawa a asusun da duk wanda ka cire. Abin da ka saka, a debe abin da ka cire, a ƙara ribar da tebur ya nuna, a debe kuɗin cacar da ba a kammala ba, dole ya yi daidai da abin da ke asusun yanzu. In bai yi ba, ka buɗe tarihin cacarka a manhajar kamfanin ka bi layi-layi har ka gano waɗanda suka zame. Abubuwan da suka fi ɓoyewa su ne tikitin da ka karɓi kuɗinsa kafin a tashi wasa, ƙananan wasannin na'ura da ake taɓawa tsakanin wasa da wasa, da kyautar kuɗin da kamfani ya ba ka ka lissafa ta cikin riba. Har sai lissafin nan biyu sun haɗu, kada ka amince da komai da teburin ya gaya maka.

Kuɗin da ka zuba, ina ba da shawara ka rubuta shi da awo. Ka tsayar da adadin da ka saba zubawa a caca ɗaya ka kira shi awo 1, sai ninkinsa ya zama 2, rabinsa 0.5. Amfaninsa shi ne ranar da ka zuba awo 4 za ta fito fili a ido, ba za ta ɓuya cikin manyan lambobi ba.

A ginshiƙin sakamako kalma uku kacal nake yarda da su: ci, fadi, soke. Ka lura na rubuta fadi ba tare da lanƙwasar harafin ba, da gangan. In yau ka rubuta da ɗ gobe da d, ko wayarka ta ƙara fili a bayan kalmar, fomula za ta ɗauke su kalmomi daban, ta ba ka sifili a inda asara take, ribarka ta kumbura ba ka sani ba. Maganinsa shi ne ka yi amfani da Data Validation ka mayar da akwatin ya zama na zaɓi daga jeri. Fomular riba a J2 ita ce:

```
=IF(I2="ci",E2*(F2-1),IF(I2="fadi",-E2,0))
```

In na'urarka ta ƙi karɓa, wataƙila saitinta na son `;` a maimakon waƙafi. Ka ja fomular zuwa ƙasa, shi ke nan.

Farashin rufewa

Farashin rufewa shi ne farashin ƙarshe da kasuwa ta tsaya a kai daf da take wasa. Daga ranar da aka buɗe kasuwar wani wasa zuwa lokacin da alƙali zai hura usur, farashi yana motsi. Labarin rauni ya fito, an sanar da 'yan wasan da za su fara, masu manyan kuɗi da manyan na'urorin lissafi sun zuba nasu, kamfani yana gyara lambarsa duk lokacin da ya ga an yi wa ɓangare ɗaya rubdugu. Kafin a rufe, kusan duk abin da za a iya sani game da wasan ya riga ya shiga cikin lambar. Shi ya sa a manyan gasanni, inda kuɗi ke yawo da yawa, farashin rufewa ne mafi kusa da ainihin damar da kowane ɓangare yake da ita. Yana kuskure a wasa ɗaya-ɗaya kamar kowa, amma a kan ɗaruruwan wasanni da wuya ka samu mutum ɗaya da hasashensa ya fi shi.

To in ka sayi abu a 2.10 aka rufe shi a 1.95, ka sayi kaya da araha kafin ya yi tsada, ko ƙungiyar ta ci ko ba ta ci ba. In ka saya a 2.10 aka rufe a 2.30, ka saya da tsada, ko da ka ci. Sakamakon wasa ɗaya ci ne ko faɗuwa, tsalle babba sama ko ƙasa, ƙwallo ɗaya da ta daki turke tana iya juya shi. Tazarar da ke tsakanin farashinka da na rufewa kuwa 'yar ƙaramar lamba ce da ba ta yin wannan tsalle, saboda haka matsakaicinta yana daidaita da wuri. Abin da riba za ta buƙaci dubban caca kafin ta nuna, tazara tana fara nuna alamarsa a cikin ɗari ɗaya ko biyu.

Sai dai akwai tarko a nan wanda ni kaina na daɗe a cikinsa. Yawancin mutane suna raba farashinsu da na rufewa kai tsaye: 2.10 a raba da 1.95, a cire ɗaya, ya ba da kashi 7.7 cikin ɗari, su yi murna. Amma 1.95 ɗin nan akwai kason kamfani a cikinsa. Sai an cire shi tukuna a san farashin gaskiya.

Ga yadda ake yi. A ce a lokacin rufewa nasarar masu gida tana 1.95, kunnen doki 3.50, nasarar baƙi 4.00. Ka raba ɗaya da kowanne: 0.5128, da 0.2857, da 0.2500. Da babu kason kamfani, jimillarsu za ta zama ɗaya cif, domin dole ɗaya daga cikin ukun ya faru. Amma in ka tara su za ka samu 1.0485. Wannan ɗoriyar ta 0.0485 ita ce abincin kamfani. Lambar 1.0485 ita nake sawa a ginshiƙin H, kuma ba sai ka yi lissafin da hannu ba, ka rubuta wannan a akwatin:

```
=1/1.95+1/3.5+1/4
```

Farashin gaskiya na masu gida shi ne 1.95 sau 1.0485, wato kusan 2.04. Yanzu ka gwada 2.10 ɗinka da 2.04, sai ka ga tazarar ta dawo kashi 2.7 cikin ɗari. Har yanzu caca ce mai kyau, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta abin da ka zata. Wanda ya samu 2.00 a wannan wasan fa? A lissafin kai tsaye ya doke rufewa da kashi 2.6, alhali in aka cire kason kamfani yana ƙasa da kashi 2.2. Ya ga farashi ya sauko bayan ya buga, ya ji daɗi, amma saukowar ba ta kai ta biya kason kamfani ba. Mutane da yawa da ke cewa suna doke rufewa a wannan rukunin suke. Fomular K2:

```
=IF(OR(G2="",H2=""),"",F2/(G2*H2)-1)
```

Ka mayar da ginshiƙin ya riƙa nuna kashi cikin ɗari. Ka kuma tsaya a kan wuri ɗaya da kake ɗaukar farashin rufewa, kada yau nan gobe can, domin in kana zaɓa, hannunka zai riƙa kaiwa ga wanda ya fi yi maka daɗi. In da hali, ka ɗauka daga kamfanin da jimillar kasuwarsa ta fi kusa da ɗaya, ko daga kasuwar musaya inda 'yan caca ke cinikin junansu, saboda farashinsu ya fi kaifi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton allo minti biyu ko uku kafin a take wasa, duk ɓangarorin su fito a ciki.

Wannan awo yana da iyakarsa. Hanyar cire kaso da na nuna tana raba shi daidai-wa-daida a kan kowane ɓangare, alhali kamfanoni sun saba ɗora kaso mafi nauyi a kan manyan farashi. Saboda haka a kan 1.50 zuwa 3.00 lissafin yana da kyau, amma a kan 8.00 ko 15.00 zai nuna maka tazara da ta fi gaskiya kyau. A ƙananan gasanni da ƙananan kasuwanni irin su yawan bugun kwana ko katin gargaɗi, kuɗin da ke ciki kaɗan ne, mutum ɗaya ma na iya motsa farashi, don haka rufewarsu ba ta da nauyin ta babban wasa. Cacar da aka buga ana tsakiyar wasa ba ta da farashin rufewa sam, ka bar G da H babu komai. Haka kuma in ka buga a kan ƙwallaye sama da 2.5, kafin rufewa babban layin ya koma 3, kada ka gwada farashinka da na layin 3. Ka nemo farashin 2.5 ɗin a lokacin rufewa, in ba ka samu ba ka bar akwatin fayau.

Yadda tebur ke tona hali

Ginshiƙai biyu na ƙarshe su ne na hali. A L, dalili, kada ka rubuta labari. Ka zaɓi kalmomi uku ko huɗu ka tsaya a kansu. Nawa su ne shiri, ga wadda na yi nazarinta tun kafin ranar. Shawara, ga wadda wani ya ba ni. So, ga ƙungiyar da nake goyon baya. Da ramuwa, ga wadda na buga don in dawo da abin da na rasa. Kalmar ƙarshen nan tana da wuyar rubutawa, kuma mutum yakan yi wa kansa sassauci ya kira ta shiri. Shi ya sa na ƙara M, wadda ba ta neman ra'ayinka: kafin ka buga wannan, cacar ƙarshe da aka kammala, ci ce ko faɗuwa? Da hannu ake cike ta. Kada ka sa fomula ta kwafo sakamakon layin da ke sama, domin sau da yawa kana buga ta biyu tun ba a tashi wasan farko ba, a lokacin kuwa ba ka san sakamakonsa ba balle ya taɓa zuciyarka.

Daga nan tambaya ɗaya ta isa ta fara buɗe maka ido:

```
=AVERAGEIF(M2:M500,"fadi",E2:E500)
=AVERAGEIF(M2:M500,"ci",E2:E500)
```

Na farko matsakaicin abin da kake zubawa ne bayan ka faɗi, na biyu bayan ka ci. Mai tsari, lambobin biyu za su yi kusa da juna. In na farko ya ninka na biyu, kana bin asara, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Wasu kuma akasin haka ne, bayan ci suke sakin hannu, suna ganin ai kuɗin kamfani ne suke wasa da shi, alhali tun da ya shigo asusunsu ya zama nasu.

Bari in gina maka misali da lambobi masu sauƙi, irin fasalin da na sha gani. Mutum ya buga caca 200. A cikinsu 150 na shiri ne, awo 1 kowacce, a farashi 2.00, ya ci 76 ya faɗi 74, ribarsa awo 2. Guda 30 na ramuwa ne, awo 3 kowacce, a farashi 1.80, ya ci 15 ya faɗi 15, wato ya samu 36 ya rasa 45, asarar awo 9. Sauran 20 tikiti ne na haɗaka mai wasa biyar-biyar, wanda sai duk wasannin da ke cikinsa sun shiga ake cinsa, awo 1 kowanne a farashi 12.00, uku suka shiga, ya samu 33 ya rasa 17, ribar awo 16. Gaba ɗaya ya zuba awo 260, ya tashi da ribar awo 9, kusan kashi 3.5 cikin ɗari. In ya tsaya a nan, darasin da zai ɗauka shi ne haɗaka ce ke ciyar da shi, ya kamata ya ƙara mata kuɗi.

Yanzu mu duba ta fuskar tazara. Ka ƙara ginshiƙi N wanda ke ninka kuɗin da aka zuba da tazara, shi ne abin da ya kamata cacar ta bayar in aka cire sa'a:

```
=IF(K2="","",E2*K2)
```

A ce na shirin nan 150 matsakaicin tazararsu ƙasa take da kashi 1 cikin ɗari. Abin da ya kamata su bayar asarar awo 1.5 ce. Wannan ba mummunan sakamako ba ne, yana nuna mutumin yana da ɗan ido, yana samun farashin da ya fi na rufewa, sai dai bai kai ya cinye kason kamfani duka ba. Na ramuwar kuwa, duba ginshiƙin lokaci za ka tarar duk an buga su ne mintuna kaɗan kafin wasannin dare, a kan duk abin da ya rage a allo. Wanda ya buga daf da rufewa, farashinsa shi ne farashin rufewa, saboda haka tazararsa kason kamfani ne cif, ba ragi. In jimillar kasuwannin nan 1.06 ce, yana ƙasa da kashi 5.7, a kan awo 90 kuwa asarar awo 5.1 ke nan. Sai haɗaka. A nan kason kamfani ninkuwa yake yi: in kowane wasa yana cin kashi 5 cikin ɗari, ka ninka 0.95 sau biyar, ya ba da 0.774, wato tikitin wasa biyar yana cin kusan kashi 23 cikin ɗari na kuɗinka tun kafin a taɓa ƙwallo. Na wasa goma yana cin kusan kashi 40. A kan awo 20, asarar awo 4.5 ce.

Ka tara su: abin da ya kamata mutumin nan ya samu asarar awo 11 ce, abin da ya samu ribar awo 9. Bambancin awo 20 ɗin nan sa'a ce, kuma mun san inda take zaune. A farashin gaskiya, cikin tikiti 20 irin waɗannan ɗaya ne ko biyu ake sa ran su shiga, shi kuwa uku suka shigar masa. Da ɗaya ne ya shiga, da haɗakar ta ba shi asarar awo 8, teburin gaba ɗaya ya koma asarar awo 15. Tikiti biyu kacal cikin caca 200 su ne suka riƙe duk ribar. Ka lura kuma da inda asarar da ake tsammani ta taru: caca 50 na ramuwa da haɗaka, rubu'in abin da ya buga, su ne suka ɗauki awo 9.6 cikin 11. Abin da tebur ke gaya masa a fili yake, kuma kishiyar abin da ginshiƙin riba ya gaya masa ne.

Ba sai ka yi wannan rabe-raben da hannu ba. Pivot Table zai yi maka shi cikin minti ɗaya: ka sa dalili ko nau'i a layuka, ka sa jimillar E, jimillar J, jimillar N da ƙidayar layuka a gefe. Ƙidayar nan kada ka bar ta, domin ita ce ke gaya maka nauyin da za ka ba kowane rukuni.

A nan ne kuma mutane ke faɗawa rami na biyu. Da zarar sun iya Pivot Table sai su shiga yanka teburin gunduwa-gunduwa: ta gasa, ta ranar mako, ta gida ko waje, ta safe ko yamma. In ka yanka caca 200 gida ashirin, dole ka samu gida ɗaya da ya yi riba mai ban mamaki, kamar yadda in mutum ashirin suka jefa kwabo sau goma-goma da wuya a rasa wanda ya yi sa'a mai yawa. Sai mutum ya ce ya gano shi gwanin wasannin Talata ne. Ni ƙa'idata ita ce in rubuta tambayoyina uku ko huɗu tun kafin in buɗe teburin, kuma ba na yanke hukunci a kan ribar rukunin da bai kai caca ɗari ba. In wani abu ya ja hankalina, sai in rubuta shi a gefe da kwanan wata, in jira cacar da za ta zo bayan ranar ta tabbatar ko ta ƙaryata. Abubuwan hali kuwa, kamar girman zubi bayan faɗuwa ko yawan caca bayan tsakar dare, ba sa buƙatar wannan jiran, domin ba sa'a ce ke kawo su ba, kai ne ka aikata su, guda goma ma sun isa shaida.

Bita sau ɗaya a wata ta wadatar, a ranar da ba ka da wata caca a buɗe. Duba riba kullum yana haifar da ramuwar da muke ƙoƙarin kamawa.

Akwai abin da ya zama dole in faɗa maka tun da ka tambaye ni da gaske. Yawancin teburan da aka cike su da amana, aka cire kason kamfani yadda ya kamata, tazararsu a ƙasa take, kuma a ƙasa take zama. Haka aka gina kasuwar. Tebur ba ya mayar da mutum mai ci, abin da yake yi shi ne ya gaya maka nawa wannan abu yake ci maka a wata, da ta wace ƙofa kuɗin ke fita. 'Yan kaɗan ɗin da ke doke rufewa a kai a kai kuma sukan tarar kamfanoni sun rage musu adadin da za su iya zubawa. In bayan caca ɗari biyu ko uku matsakaicin K ɗinka yana ƙasa da sifili, ribar da kake gani aro ce, kuma daina bugawa amsa ce ingantacciya da teburin kansa ya ba ka. In kuwa ka kama kanka kana ƙin rubuta wasu layuka, ko shafin saka kuɗi ya fara ɗaukar kuɗin da aka ware don wata buƙata, ko na bashi, to maganar ta wuce ta fomula. Kamfanoni masu lasisi galibi suna da wurin sa wa kai iyakar kuɗi ko rufe asusu na wani lokaci, ka yi amfani da shi a ranar, ka kuma nuna wa wani da ka amince da shi teburin yadda yake.

Game da wata ukun da ka riga ka rubuta, kada ka goge su. Ka fara da daidaita su da tarihin asusunka, ka dawo da duk layin da ya ɓace, ka cike farashin da ka samu daga tikitocin. Farashin rufewa na manyan gasanni ana iya samunsa a shafukan da ke ajiye tarihin farashi, ka cike wanda ka samu, ka bar sauran. M ma za ka iya ginawa daga lokutan da ke cikin tarihin. Ginshiƙin dalili ne kaɗai ban yarda ka cike shi a baya ba, domin yanzu ka riga ka san sakamakon kowanne, kuma duk wadda ta shiga za ta yi maka kama da shiri. Ka bar shi babu komai a tsofaffin layukan, ka fara cike shi daga caca ta gaba.